Kafin ka sayi dankali, ka ce a fasa maka ɗaya

Dankalin Hausa da muka saba ci, wanda wasu ke kira kudaku wasu kuma lawur, yana cika ciki, yana ba da ƙarfi, yana kuma da araha lokacin kaka. Abu guda ne ba ya da shi, ko in ce ɗan abin da yake da shi bai taka kara ya karya ba: sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Akwai wani dankalin, ɗan'uwansa ne, shuka ɗaya, kunya ɗaya, ruwan sama ɗaya, amma in ka fasa shi cikinsa launin karas ne. Shi wannan, saiwa ɗaya madaidaiciya ta ishi ƙaramin yaro bitamin A na yini guda har da rara. Ra'ayina shi ne ya kamata mai launin karas ɗin ya shiga kowace gonar da ake noma dankali a cikinta, amma ba don ya kori farin ba, kuma ba ta hanyar da masu tallarsa suka fi so ba. Kunya uku ake nema a bayan gida domin yara da masu goyo, a ci shi sabo, a kuma samu wanda zai riƙe irinsa har rani ya wuce. In aka gaza a wannan na ƙarshen, duk sauran zancen banza ne.

Da farko sai a kawar da wani ruɗani da na ga yana kama har masu ilimi. Launin ɓawo ba ya gaya maka komai. Dankalin nan mai jan ɓawo da ke jibge a kasuwannin Kano da Zariya, in ka kankare shi yawanci fari ne fat a ciki, ko kuma ya ɗan yi ruwan madara. Akwai kuma mai ɓawo fari-fari ko ruwan ƙasa wanda cikinsa yake jawur kamar kabewa. Mai saye da ya ji a rediyo cewa jan dankali na ƙara lafiyar ido, ya je ya zaɓo mai jan ɓawo, bai sayo komai ba sai abin da ya saba saya. Tsokar ake dubawa. Ka sa farce ka ɗan ɓantare, ko ka ce wa mai tiren, "Malam, fasa min ɗaya in gani." In mai kaya ne na gaskiya ba zai ƙi ba, don shi ma ya san abin da ke cikin ne ya bambanta kayansa.

Launin nan na ciki ba ado ba ne, shi ne sinadarin kansa. Sunansa bita-karotin, shi ke ba karas da mangwaro da kabewa da manja launinsu. Ba bitamin A ba ne tukuna. Sai ya shiga hanji jiki ya tsaga shi, ya mai da wani ɓangare nasa bitamin A, sannan a kai hanta a adana. Jiki ba ya samun riba ɗaya bisa ɗaya. Ma'aunin da masana abinci suka fi amfani da shi tun 2001 shi ne maikrogiram 12 na bita-karotin da ke cikin abinci su ke ba da maikrogiram 1 na bitamin A. Da aka gwada da dankalin kansa a jikin mutane a Bangladesh, an samu wajen 13 ne ke ba da 1, wato ma'aunin bai yi nisa da gaskiya ba.

To bari mu yi lissafin da saiwa ɗaya. Ɗauki dankali mai giram 125, wato madaidaici, wanda zai cika tafin hannun babba. A ce irin mai launin karas sosai ne, yana ɗauke da maikrogiram 8,000 na bita-karotin a kowane giram 100 yana ɗanye, wanda ba wani abin mamaki ba ne a irin waɗannan. A saiwar gaba ɗaya akwai 10,000 ke nan. Dafuwa za ta ci wani abu, a ce kashi ɗaya cikin biyar, saura 8,000. Raba da 12, ka samu wajen maikrogiram 670 na bitamin A. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku yana bukatar tsakanin 300 da 400 a rana, gwargwadon hukumar da ka bi ma'auninta. Rabin saiwar nan ma ya kusa biya masa. Yanzu sauya irin, ka ɗauki wanda launinsa bai nuna sosai ba, mai 3,000 a giram 100. Lissafi ɗaya zai ba ka 250, an samu wani abu amma bai cika ba. In ka ɗauki mai ruwan ɗorawa, abin ya ƙara yin ƙasa warwas. In ka ɗauki fari, babu abin rabawa. Ko yaron ya ci kwano guda ya yi nak, abin da ya shiga hantarsa na bitamin A daga wannan kwanon daidai yake da babu.

Wannan ne abin da nake so a gane, domin mutane sukan ɗauka bambancin irin na mai yawa da mai kaɗan ne, har su ce ai in aka ci farin da yawa an cike gurbin. Ba a cikewa. An gwada wannan ƙarara a Afirka ta Kudu, a wata makarantar firamare a lardin Kwazulu-Natal, aka buga sakamakon a 2005. An raba yara 'yan shekara 5 zuwa 10 gida biyu. Kowane yaro ana ba shi giram 125 na dafaffen dankali da aka dama, har tsawon ranakun makaranta 53. Gida ɗaya mai launin karas, ɗaya fari. Da aka auna abin da ke cikin kwanon, na farko yana ɗauke da abin da zai ba da maikrogiram 1,031 na bitamin A, na biyu sifili. A ƙarshe gwajin da ke nuna ajiyar hanta ya gyaru a yaran gida na farko fiye da na biyun. Abin da ya burge ni a wannan gwajin shi ne babu wani abu da aka sauya sai launin tsokar. Yawan abinci ɗaya, lokacin ci ɗaya, makaranta ɗaya.

Wani zai ce ai makaranta ce, ana tsaye a kan yara ana ba su. Gaskiya ne, shi ya sa abin da ya faru a lardin Zambeziya na Mozambik ya fi kusa da halin da muke ciki. Can manoma aka bai wa iri, aka koya wa iyaye mata yadda za su ciyar da ƙananan yara, aka bar su da gonakinsu da tukwanensu har shekara biyu. A gidajen da aka yi aikin, yaran da jininsu ke nuna ƙarancin bitamin A sun ragu daga kashi 60 cikin ɗari zuwa 38, a gidajen da ba a taɓa ba kuwa abin bai motsa ba. An buga wannan a 2007. A lura da 38 ɗin nan. Dankalin bai share matsalar ba, ya dai rage ta ƙwarai, domin zazzabin cizon sauro da gudawa da tsutsar ciki su ma suna cin nasu rabon. A kan wannan aiki da makamantansa ne aka ba masana huɗu, Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low da Howarth Bouis, kyautar abinci ta duniya a 2016.

Me ya sa abin ya shafe mu? Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san dundumi, yaro ko mai ciki da magariba ta yi sai su fara laluben bango. Tsofaffi sun san maganinsa hanta ce, kuma sun yi daidai, don hanta ce rumbun bitamin A a jikin dabba kamar yadda take a jikinmu. Sai dai dundumi shi ne wanda ake gani. Kafin a kai can, ƙarancin ya riga ya raunana fatar da ke shimfiɗe a cikin hanji da huhu, shi ya sa ƙyanda da gudawa ke kayar da irin wannan yaron fiye da ɗan'uwansa. Binciken abinci na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2001 da 2003 ya samu kusan kashi 30 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da wannan ƙarancin. Gwamnati na da hanyoyi biyu da ta daɗe tana bi. Akwai ɗigon da ake matsa wa yara a baki a makon lafiyar uwa da yaro sau biyu a shekara, shuɗin ƙwanso ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja ga 'yan shekara ɗaya zuwa biyar. Akwai kuma dokar da ta tilasta wa masana'antu zuba bitamin A a man girki da sukari da fulawa. Duka biyun suna da amfani, kuma ba na goyon bayan duk wanda zai ce dankali ya ɗauke musu aiki. Amma ɗigon na ƙananan yara ne kawai, kuma sai an kai yaron ko an zo masa. Man da aka zuba wa bitamin kuwa na galan ne mai tambari, matar da ke soya ƙuli ta tatsi man gyaɗarta, ko mai sayen na awo a kwalba, ba lallai ya iso tukunyarta ba. Dankali shi ne ke isa gidan da waɗannan biyun suke tsallakewa, tunda a gidan ake noma shi.

Ba sabon abu ba ne kuma a ƙasar nan. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a jihar Abiya ta fitar da irin da ake kira King J a 2012, da Mother's Delight a 2013, da Solo Gold a 2018. A Gana akwai Apomuden tun 2005. Jihar Osun ta taɓa sa shi cikin abincin da take ba 'yan firamare. Ga masu tsoron cewa an yi wa ƙwayar halittarsa kutse a ɗakin gwaji, a kwantar da hankali. Barbarar furanni ce tsakanin iri da iri, sannan a zaɓi 'ya'yan da suka fi kyau. Mai launin karas ɗin ma shi ne dankalin yau da kullum a Amurka tun kafin a haifi masu wannan aikin.

To in haka ne, me ya sa shekara goma da ɗoriya bayan fitar da shi har yanzu sai ka wahala kafin ka same shi a tire? A nan ne nake rabuwa da masu tallarsa, domin suna son su ce jahilci ne, a ƙara wayar da kai. Ni ina ganin mai ƙin sa yana da hujja, kuma hujjar a bakinsa take. Bahaushe yana son dankali mai gari, wanda in ka dafa ka ɓare zai rududduge, ya shaƙe ka har ka nemi ruwa. Yawancin masu launin karas sosai ba su da wannan garin, ruwa ya fi yawa a jikinsu. Ka dafa shi yadda ka saba dafa fari, ka cika tukunya da ruwa ka tafi wani aiki, ka dawo ka tarar ya yi laɓo-laɓo. Mai suyar dankali da ƙosai a bakin titi za ta gaya maka yana shan mai, ba ya yin ƙarau, kuma da ya huce sai ya lanƙwashe. Wata mai suya a unguwarmu ta gwada shi, da na tambaye ta sai ta ce, "Malam, wannan ai na yara ne, manya ba sa dawowa." Ba ƙarya ta yi ba. Masu kiwon iri sun san wannan matsalar, don a dankali yawan bita-karotin da yawan gari sukan yi hannun riga, in ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. King J ya fi gari amma launinsa bai kai ba. Mother's Delight ya fi launi amma ya fi laushi, kuma cutar da ke murɗe ganye tana kama shi da sauƙi a inda ta yi yawa. Solo Gold yunƙuri ne na haɗa biyun.

Amma maganar mai suyar nan, in aka juya ta, ita ce mafita. Na yara ne, to a ba yara. Su ne masu bukatar, su ne kuma ba su damu da gari ba. Laushin da ke korar magidanci shi ne ke sa ya damu lumui a cokali ga ɗan wata bakwai da aka fara ba abinci, zaƙinsa kuma ya sa ba a yin kokawa kafin ya haɗiye. Mai shayarwa ita ce ta biyu, domin bukatarta ta ɗara ta kowa a gidan, kuma abin da ta ci yana fita a nononta. Ban ga dalilin da zai sa a ɓata ƙarfi wajen lallashin maigida ya bar dankalinsa mai gari ba. Ya ci abinsa da ƙuli da yaji. Manomi ma ya ci gaba da noma farin da dillali ke saye buhu-buhu, don shi ne kuɗinsa, kuma duk wanda ya ce masa ya juye gonarsa duka zuwa irin da kasuwa ba ta sani ba, ba shi zai biya asarar ba.

Abin da ake bukata kaɗan ne, ga lissafinsa. Ana dasa yabanyar dankali taku ɗaya tsakani, wato wajen santimita 30. Kunya uku masu tsawon mita goma-goma za su ɗauki tushe ɗari. In kowane tushe ya ba da giram 300 kawai, wanda amfani ne na tsaka-tsaki, an samu kilo 30. Raba da giram 125, ka samu ci 240. Gidan da ke da ƙananan yara biyu da mai goyo ɗaya, ko kullum suke ci, ya kai su fiye da wata biyu da rabi. Ba lallai ne ma a ci kullum ba, tunda hanta na adana rarar, abin da aka ci da kaka yana ɗan jan mutum zuwa cikin rani. Dabarar kawai ita ce kada a dasa kunyoyin rana ɗaya. A bar mako biyu ko uku tsakaninsu, sannan a riƙa tonon manyan ana barin ƙanana su ƙara girma, don sabon dankali ba ya jure ajiya a zafinmu.

Yadda ake dafa shi ma yana da ka'ida, ba mai wuya ba. A wanke, a dafa da ɓawonsa, da ruwa kaɗan, a rufe tukunya, a sauke da zarar cokali mai yatsu ya shige. Wajen minti ashirin ya isa ga madaidaici. In turarawa aka yi a madambaci ya fi riƙe jikinsa. Dafuwa irin wannan ba ta cin bita-karotin da yawa, ta ma taimaka, don zafi yana fasa tsokar ya sa hanji ya fi samunsa. Abin da ba a so a manta shi ne mai. Bita-karotin ba ya narkewa a ruwa, sai da maiƙo yake ratsa hanji. Ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ya wadatar, ko a barbaɗa garin ƙuli, wanda zai kawo ɗan maiƙo ya kuma kawo abin gina jiki da dankalin ba shi da shi. Fate da alayyafo da ɗan manja ya fi duka. A nan al'adarmu ta riga masana, tunda da ma ba ma cin dankali gaya.

Inda nake ganin ana yaudarar mutane shi ne wajen gari. Ka je duk wani baje-kolin da aka shirya wa wannan dankalin, za ka ga leda-leda na garinsa an jera, an rubuta yana ɗauke da bitamin A. Yana ɗauke da shi ranar da aka niƙa. Shanyar kanta ba ta cin abu mai yawa in an yanka siriri an kwashe da wuri. Ajiya ce ke kashe shi, domin iska da zafi suna lalata bita-karotin a hankali. A Uganda an auna busasshen dankalin da aka ajiye a ɗaki wata huɗu, aka tarar wajen kashi 70 cikin ɗari ya tafi. Koma kan lissafinmu na baya: abin da zai ba da 670 ya dawo wajen 200, tun kafin a cire abin da shanya ta ci. Ana iya ganewa da ido. Garin da ya fara da launin lemo in ya kwana biyu sai ya koɗe ya koma ruwan madara, wani lokaci har da wani ƙamshi kamar na fure, wanda alama ce ta sinadarin da ya riga ya rushe. Mu da muke shanya dankali mu ajiye don zaƙin kunu, mu ci gaba da yi da farin, ba abin da za a yi asara. Mai launin karas kuwa in ana son sarrafa shi, a dafa a dama a kwaɓa da fulawa a ranar, a yi fanke ko cincin ko burodi. Masu gidajen burodi a Gabashin Afirka suna maye wani kaso na fulawa da damammen dankalin, kuma da tsadar fulawa a yau wannan kasuwa ce da za ta iya sa manomi ya faɗaɗa kunyoyinsa ba tare da wani ya yi masa wa'azi ba.

Yanzu ga babbar matsalar, wadda a ganina ita ce ta hana shi zama a Arewa. Ba a shuka dankali da ƙwaya, da yabanya ake dasa shi, ita kuwa yabanya ba ta kwana a rumbu. Daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa saukarsa a Yuni akwai wata bakwai ko takwas na rani, da awaki masu yawo suna neman duk wani abu kore. Farin dankali ya daɗe da samun masu riƙe shi, manoman fadama da na bakin madatsun ruwa suna da shi duk shekara, da damina ta faɗi su sayar da dami-dami. Sabon irin ba shi da waɗannan mutanen. Abin da na sha gani shi ne wata ƙungiya ta zo da mota ta raba yabanya, a yi hotuna, mata su dasa, a ci da kaka a yaba. Rani ya zo ya cinye irin. Shekara ta zagayo, wa'adin aikin ƙungiyar ya ƙare, babu wanda ya san inda za a samo wani. A rahoto an rubuta gida dubu kaza sun karɓa, a gona kuwa ko tushe ɗaya babu.

Akwai dabarar da ta dace da mu, wadda Cibiyar Dankali ta Duniya ta yaɗa a yankuna masu dogon rani, har da arewacin Gana. Maimakon a yi ta fama da yabanya, saiwar ake adanawa a cikin yashi. Lokacin tono sai a zaɓi ƙanana zuwa madaidaita daga tushen da ganyensa ke da lafiya, waɗanda fartanya ba ta sara ba, ƙwaro bai huda ba. A samu baho, a shimfiɗa takarda, a zuba busasshen yashi mai sanyi, a jera dankalin kada su taɓa juna, a rufe da yashi, a sake jera wani, na sama ya samu yashi mai kauri. A ajiye a ɗaki mai sanyi inda kaji da ɓeraye ba sa kaiwa. Duk wata a tone a duba, a jefar da wanda ya ruɓe, a karye tsiron da ya yi gaggawar fitowa. Saura mako shida zuwa takwas ruwa ya sauka, sai a fito da su a binne a ɗan lambu mai shinge kusa da gida, a riƙa ban ruwa sau biyu a mako. Kafin damina ta kankama an samu yabanya. Saiwa 40 na iya ba da yanka wajen 1,500 in aka yi ta yanka tana sake tohowa, wato ta ishi kunyoyin gida goma sha biyar irin waɗanda na lissafa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yashi mai danshi, ko wanda aka kwaso daga rana da zafinsa. Na farko yana ruɓar da dankalin, na biyu yana dafa shi.

Wajen yankan yabanyar ma akwai abin lura. A ɗauki kan reshe, tsawon santimita 25 zuwa 30, a bar gindin, domin a can ƙwaron dankali ke ajiye ƙwai. Wannan ƙwaron, mai kama da tururuwa da dogon baki, shi ne ke huda saiwa ya bar baƙaƙen hanyoyi a ciki da ɗacin da ko akuya ba ta so. Ba ya iya tona ƙasa, ta tsagar kunya yake shiga idan ƙasa ta bushe ta dare. Maganinsa a riƙa jawo ƙasa ana rufe tsagar, kada kuma a bar dankali ya daɗe a kunya bayan ruwa ya ɗauke. Wata uku da rabi zuwa huɗu yawancin irin nan sun nuna. Duk tushen da aka ga ya tsumbure, ganyensa ya murɗe ya yi dabbare-dabbare, a cire shi, kada a ɗebi iri a jikinsa, don cutar tana bin yabanya daga shekara zuwa shekara.

In da ni ke riƙe da kasafin noma na wata ƙaramar hukuma, ba zan kashe ko sisi a taron wayar da kai a otal ba. Zan nemi manoman fadama biyu ko uku a kowace gunduma, waɗanda da ma sana'arsu ce sayar da yabanyar farin dankali, in ba su tsaftataccen iri daga cibiyar bincike, in yi musu alkawarin sayen wani adadi duk farkon damina har shekara uku. Yabanyar da na saya in kai asibitin awo, duk mai ciki ko mai goyon da ta zo a Yuni da Yuli ta koma gida da yanka ɗari a hannu, a kuma nuna mata bahon yashi ta gani da idonta. An gwada haɗa rabon yabanya da zuwa awo a yammacin Kenya, ba sabuwar dabara ba ce. Inda ake ciyar da 'yan makaranta kuwa, rana ɗaya a mako daga Oktoba zuwa Disamba a dafa shi, a saya daga manoman garin. Da zarar manomi ya san akwai mai saye tabbatacce, shi da kansa zai kare irinsa daga awaki, ba sai an roƙe shi ba.

Na san za a ce muna da zogale, muna da mangwaro, muna da karas da kabewa da manja, me ya sa sai dankali? Ban ce sai shi ba, kuma gidan da yara ke samun waɗannan a kai a kai ba shi da matsalar da nake magana a kai. Sai dai mangwaro na da 'yan makonninsa ya wuce. Manja daga Kudu yake zuwa, da kuɗi ake sayensa, kuma in aka bar shi a wuta har ya washe ya yi fari, an ƙone abin da ake nema. Ganye kuwa yana da bita-karotin sosai, amma nawa ne yaro ɗan shekara biyu ke ci daga miyar da aka ɗan shafa masa a gefen tuwo? Dankali abinci ne da ake ci a ƙoshi, yaro zai cinye giram ɗari ba a matsa masa ba, kuma ba a tsoron ya yi yawa, don jiki yana rage juya shi in ajiyarsa ta cika. Iyakar abin da za a gani ga wanda ya ci ya wuce kima shi ne tafin hannunsa ya ɗan yi ruwan ɗorawa, ya kuma washe da kansa in an sassauta. Ganyen dankalin ma ana miya da shi, na farin da na mai launin karas duka, ga wanda ya saba.